Gyaran Fuska Ɗaya a Hoton Taro Ba Tare da An Taɓa Sauran Ba

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san wannan matsala. An tara mata 12 cikin anko, an jera dogaye a baya gajeru a gaba, an zaunar da kakar amarya a tsakiya, an ce kowa ta dubi nan, an danna. Sai an buɗe hoton a kwamfuta a ga kowa ta fito fes, ban da kakar, wadda ta ƙifta ido daidai lokacin da aka ɗauka. Taro ya watse, 'yan Zariya sun koma Zariya, 'yan Maraɗi sun koma Maraɗi, kuma wannan hoton dai shi iyalin suke so a wanke a sa a firam.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke zana hoto suna da hanyar yin irin wannan gyara. A fuskar kwamfuta za a ga an rubuta Inpaint. Ana shafa alama a wurin da ake so a sake, injin ya zana wurin sabo, ya daidaita shi da abin da ke kewaye. A faɗe abin da sauƙi. A aikace kuwa, mutane da yawa sukan gyara idon kakar, su tura hoton, sai amarya ta kira ta ce me ya sami haƙoranta, ƙawarta kuma ta ce ɗan kunnenta ba haka yake ba. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, injin zanen ba shi ne ke kare sauran fuskoki ba. Mai gyaran ne ke kare su, ta hanyar abu uku: ya yanko wurin da za a gyara shi kaɗai, ya mayar da gyaran a kan hoton asali, sannan ya auna ya tabbatar babu abin da ya motsa a wajen wurin. Za mu bi hoton nan na kakar amarya daga farko har ƙarshe mu ga yadda ake yi.

Me ya sa sauran fuskoki ke canzawa?

Za mu yi misali da Stable Diffusion, injin da aka saki ga jama'a a watan Agusta na 2022, domin kowa na iya sauke shi a kwamfutarsa, kuma saitinsa a buɗe yake, ana ganin abin da kowane maɓalli ke yi.

Hoto tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Injin nan ba ya aiki kai tsaye a kan fiksel, domin sun yi masa yawa. Akwai wani sashe a cikinsa mai suna VAE, wanda ke matse hoton sau 8 a tsaye, sau 8 a kwance. Hoto mai fiksel 512 a kowane gefe yakan koma gida-gida 64 a kowane gefe. A kan wannan matsattsen hoton ake yin zanen, in an gama sai VAE ya sake warware shi ya koma cikakken hoto.

Matsewar nan da warwarewar ba sa dawo da abu yadda yake daidai. Kamar saƙon baki ne da aka ba ɗan aike: zai isar da ma'anar, amma ba lallai kalmomin su zama waɗanda aka faɗa masa ba. Babban abu irin bango ko zanin atamfa yakan dawo da kamanninsa. Ƙananan abubuwa su ke shan wahala: ƙwayar ido, tsakanin haƙora, ɗan kunne, zaren aikin wuyan riga, rubutun da ke jikin allo a bayan mutane. Saboda haka in dukan hoton ya ratsa ta cikin VAE ya fito, kowace fuska ta ɗan canza, ko da alamar gyara ba ta kusanci inda take ba. Daga nesa ba a gani. Mai fuskar kuwa da kallo ɗaya za ta gane.

Akwai hanya ta biyu da ɓarnar ke shiga, wato ta girman hoto. Kowane inji yana da girman da aka horar da shi a kai. Stable Diffusion 1.5 an horar da shi a kan fiksel 512, SDXL da ya fito a 2023 kuwa a kan 1024. Hoton kyamara ya fi haka nesa ba kusa ba, don haka sai an rage shi kafin injin ya karɓa.

Lissafin da ya raba gyara da ɓarna

A ce hoton bikin yana da faɗin fiksel 4000 da tsayin 3000, girman da wayoyi da yawa ke ɗauka. Fuskar kakar a ciki tana da faɗin kusan 200 da tsayin 260.

A manhajar AUTOMATIC1111, wadda da yawa ke amfani da ita wajen tuƙa wannan inji, akwai wurin da aka rubuta Inpaint area, da zaɓi biyu a ƙarƙashinsa: Whole picture da Only masked.

In aka zaɓi Whole picture aka sa girman 1024 da 768, za a rage dukan hoton kusan sau 4. Fuskar da take da faɗin 200 ta koma 51. VAE ya matse ta sau 8, ta koma gida 6 da ɗan kai. A cikin gida shidan nan ake so injin ya zana ido biyu da hanci da kumatu, su yi kama da wata tsohuwa takamaimai. Ba zai yiwu ba. Shi ya sa ake samun ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko fuska ta fito a narke. Bayan haka hoton da zai fito 1024 ne, ba 4000 ba, wato sauran mata 11 duk an rage musu tsabtar fuska, kuma in aka wanke shi babba zai yi dishi-dishi.

In aka zaɓi Only masked kuwa, manhajar za ta yanko wurin da aka shafa wa alama tare da ɗan abin da ke kewaye da shi. Yawan kewayen shi ne Only masked padding, pixels. A ce an sa 64. Tsayin fuskar 260, a ƙara 64 sama da 64 ƙasa, ya zama 388. In aka sa girman 1024 da 1024, manhajar za ta yanko murabba'i mai kusan 388 a kowane gefe, ta faɗaɗa shi ya kai 1024, wato sau biyu da rabi da ɗoriya. Yanzu fuskar ta kai faɗin kusan 528, kuma bayan matsewa tana da gida 66. Daga 6 zuwa 66: wannan shi ne bambancin. In an gama zanen sai a mayar da yankin girmansa na asali, a liƙa shi a gurbinsa, hoton ya fito da girmansa na 4000 da 3000.

Wannan zaɓi guda ya kashe rabin matsalar, domin fuskar ta sami filin da za a zana ta da kyau, kuma waɗanda ke nesa da ita ba su shiga injin ba ko kaɗan.

Injin bai san kakarku ba

Kafin a taɓa saiti, akwai tambayar da ta fi saitin muhimmanci: daga ina idon zai fito? A hoton idon a rufe yake. Injin bai taɓa ganin matar nan ba. In aka ce ya buɗe idon, zai zana ido mai kyau, amma idon wata ce da ya ƙirƙiro daga ɗimbin hotunan da aka horar da shi a kai. Baƙo zai ce ya yi. 'Ya'yanta za su duba su ce wannan ba kallon Inna ba ne.

Mafita ita ce a aro idon daga wani hotonta. Masu ɗaukar hoton taro bisa al'ada sukan danna sau uku ko huɗu a jere saboda irin wannan rana. A nemi wanda idonta ke buɗe, ko da a cikinsa wata ce ta juya kai. Tunda wuri ɗaya ne, haske ɗaya, lokaci ɗaya, launin fata da inuwa za su zo daidai. A buɗe hotunan biyu a Photoshop ko GIMP, a yanko idon da gira daga na biyu, a ɗora a kan na farko, a juya shi kaɗan har kusurwar ido da karan hanci su hau kan juna. Ba sai aikin ya yi kyau ba, ko da bakin yankan na nunawa babu laifi. Aikin injin yanzu ya ragu: ba ƙirƙirar ido zai yi ba, haɗe bakin yankan kawai zai yi. Dabarar da Google ta sa a wayar Pixel 8 a 2023 da sunan Best Take ita ma a kan wannan tunani take: tana ɗauko fuskar mutum daga hotunan da aka ɗauka a jere, ba sabuwa take zana masa ba.

In babu hoto na biyu daga wurin, ana iya ɗauko wani hotonta na daban da fuskar ke kallon gefe ɗaya, a daidaita haskensa da hannu tukuna. In babu ko ɗaya, to gaskiya ita ce duk idon da zai fito na ƙage ne, kuma ya kamata a faɗa wa iyalin haka kafin a fara.

Shafa maski

Abu na farko, a adana hoton asali a gefe, kada a taɓa shi. A yi kwafinsa a tsarin PNG, a kira shi asali.png. Dalili shi ne tsarin JPEG duk lokacin da aka sake adana shi yakan sake matse hoton gaba ɗaya, fiksel su ɗan canza ko'ina. PNG ba ya yin haka.

Alamar da ake shafawa ita ake kira maski. Hoto ne baƙi da fari mai girman hoton asali: fari yana nufin a gyara nan, baƙi yana nufin a bar nan. Ƙa'idar ita ce a shafa mafi ƙarancin wurin da zai isa. In ido kawai ne matsalar, a shafa ido biyu da gira da saman karan hanci, a bar baki da haɓa. Duk abin da aka bari a wajen maski yana riƙe kamannin mutum. A namu hoton, a ce kakar ta ɗan motsa kai har fuskar ta yi dishi-dishi kaɗan, don haka za a shafa dukan fuskar daga goshi zuwa haɓa. Amma a tsaya a bakin ɗankwali, kada a hau kansa, kada kuma a haɗa da kunne. Injin ba ya iya maimaita zanen atamfa daidai, kuma tunda duk anko suka yi, ɗankwalin da furensa ya bambanta da na saura nan take zai tona asiri.

Sai Mask blur, wanda ke tausasa bakin maskin domin sabon zane ya narke cikin tsoho ba tare da layi ba. Manhajar na zuwa da 4, wanda ya yi kaɗan ga hoto mai faɗin 4000. Tsakanin 8 da 16 ya fi dacewa, a ce 12. Amma a lura: tausasawar nan tana malala zuwa wajen layin da aka shafa. A hoton taro mutane a matse suke. In jikar kakar ta jingina kumatunta da kafaɗarta, ko wata ta sunkuyo daga baya haɓarta na daf da ɗankwalin, malalar za ta iya taɓa su. A irin wannan gefe sai a ja bakin maskin baya, a bar tazarar da ta ninka lambar tausasawar, wato kusan fiksel 24.

Game da kewayen da za a yanko kuwa, yana da amfani biyu masu karo da juna. In ya yi kaɗan, injin ba ya ganin wuya da kafaɗa da inda haske ke fitowa, sai ya zana fuskar da launinta bai dace da jikin ba. In ya yi yawa, fuskar ta sake ƙanƙancewa a cikin yankin, a koma gidan jiya. Manhajar na zuwa da 32. Ga fuska mai wannan girma, 64 zuwa 100 ya wadatar: a ga wuya, a ga ɗankwali, a ga ɗan bango. Shigar gefen fuskar maƙwabciya cikin yankin ba laifi ba ne, domin injin kallonta kawai zai yi, matuƙar maski bai hau kanta ba kuma an yi liƙin ƙarshe yadda za mu bayyana.

Maɓallin da ke riƙe kamanni

A wurin Masked content a zaɓi original. Ma'anarsa injin ya fara daga fuskar da ke wurin. Sauran zaɓin, fill da latent noise da latent nothing, suna share abin da ke ƙarƙashin maskin kafin a fara, wanda ke da amfani wajen cire abu daga hoto, amma a nan zai jefar da idon da aka sha wahalar arowa.

Daga nan sai Denoising strength, lamba ce daga 0 zuwa 1. Yadda injin ke aiki shi ne ya watsa wa wurin ɗige-ɗige su dagula shi, sannan ya riƙa share su mataki-mataki, yana cike abin da ya ɓace da abin da yake ganin ya dace. Lambar ita ke faɗin yawan dagulawar. A 0 babu abin da zai canza. A 1 an shafe fuskar gaba ɗaya, sabuwa ce za ta fito. Manhajar na zuwa da 0.75, kuma nan ne sababbin shiga ke faɗawa rami, domin a wannan lamba mutumin da zai fito ba shi ne ya shiga ba.

Abin da masu aikin suka saba gani shi ne: daga 0.2 zuwa 0.3 fatar ce kawai ke ɗan gyaruwa, bakin yanka ya ɓace, kamanni na nan daram. Daga 0.35 zuwa 0.45 dishi-dishi na washewa, amma siffar hanci da leɓe ta fara motsi. Daga 0.6 zuwa sama ana samun wata mata daban da ke sanye da ɗankwalin kakar. Ga namu aikin, da yake an riga an ɗora idon gaske, a fara da 0.3. A sa lamba tsayayya a wurin Seed, kada a bar shi a -1, domin in an canza ƙarfin a iya kwatanta sakamako da sakamako. A gwada 0.3, a gwada 0.35, a gwada 0.4, a ɗauki mafi ƙanƙanta da ya ɓatar da bakin yankan. In an kai 0.45 bai yi ba, matsalar ba ta lamba ba ce, a koma a gyara ɗorin idon da hannu.

Bayanin da ake rubuta wa injin shi ma yana da tarko. Abin da ke cikin yankin da aka yanko za a kwatanta, ba dukan hoton ba. Wanda ya rubuta cewa mata 12 ne a wurin biki, ya kuma ɗaga ƙarfin, zai iya ganin ƙananan mutane sun bayyana a tsakiyar fuskar, domin abin da ya nema ke nan a filin da ya bayar. Waɗannan injina sun fi jin Turanci, don haka gajeren bayani irin wannan ya isa:

```
photo of an elderly West African woman, dark brown skin,
wrinkles, eyes open, looking at camera, daylight
```

An ambaci tsufa da launin fata da tamoji da gangan. In ba a faɗa ba, injin yakan karkata zuwa fuskar yarinya mai sulɓin fata, ya share tamoji, wani lokaci ya ƙara wa fata haske.

Abu na ƙarshe a saitin: a kashe Restore faces. Wannan yana kiran wasu ƙananan injina, GFPGAN ko CodeFormer, waɗanda ke neman fuska su sake mata fasali, kuma sukan goge fata su canza ido. Haka ma ƙarin da ake kira ADetailer, wanda ke gano fuskoki da kansa. In ba a taƙaita shi ba, duk fuskar da ya gano sai ya gyara ta, wato akasin abin da ake nema.

Yadda ake gane aikin bai yi ba

A faɗaɗa hoton har fiksel ɗaya na hoto ya hau fiksel ɗaya na allo, a duba abubuwa huɗu.

Na farko bakin gyaran. In akwai zobe mai ɗan haske ko duhu kewaye da fuskar, ko launin haɓa ya saɓa da na wuya, to ko dai tausasawar ta yi kaɗan ko kewayen da aka yanko bai isa ba.

Na biyu ɗigon haske a cikin ido. A hoto na gaske, farin ɗigon da ke ƙwayar idon kowa yana gefe ɗaya, domin haske ɗaya ne ya haska su. In na kowa na hagu, na kakar na dama, ido zai ji wani abu bai zauna ba ko da mai kallo bai san mene ne ba.

Na uku ƙwayar hoton. Hoton kyamara, musamman na cikin zaure ko na yamma, yana da wasu ƙananan ɗige-ɗige ko'ina. Fuskar da injin ya zana takan fito sumul, ta fi na kusa da ita tsabta da kaifi. Magani shi ne a zuba mata ɗan ɗige da Add Noise na Photoshop, kaɗan-kaɗan, har ta yi daidai da fuskar da ke gefenta. In ta fi su kaifi a ɗan dusashe ta. Burin ba a mai da ita mafi kyau a hoton ba ne, a mai da ita ɗaya daga cikinsu.

Na huɗu alamun da suka sa mutum ya zama shi. A ƙasar Hausa dattawa da yawa suna da tsage a kumatu ko a gefen ido, wasu da wushirya, wasu da tabon sallah a goshi, mata da kwalli. Injin yakan ɗauki tsage a matsayin ƙarzuwar hoto ya goge shi, ko ya rage layi uku su koma biyu. In tsagen yana wajen wurin da ya lalace, a zagaye shi da maskin, kada a hau kansa. In yana ciki, a dawo da shi daga hoton asali bayan an gama. Kuma kafin a ce an gama, a nuna wa wani ɗan gidan, domin mai gyaran da bai san matar ba ba zai iya yanke hukuncin kamanni ba.

Liƙi da awo

AUTOMATIC1111 kan liƙa gyaran a kan hoton asali da kanta. Ba kowace manhaja ke yin haka ba. A ComfyUI, in aka ɗauki abin da ya fito daga VAE Decode aka adana kai tsaye, duk abin da ya shiga injin ya ɗan canza, sai an ƙara akwatin ImageCompositeMasked ya mayar da wurin maskin kaɗai a kan asali. Generative Fill da Adobe ta sa a Photoshop a 2023 yana ajiye gyaran a wani falle na daban a saman hoton, da maskinsa, asalin na ƙasa ba a taɓa shi ba. Manhajojin waya da na intanet da ake rubuta wa umarni kawai ba tare da shafa alama ba kuwa, da yawansu sake zana dukan hoton suke yi. Alamar farko ita ce girman hoton da suka dawo da shi ya saɓa da na wanda aka ba su.

Ko da wace manhaja aka yi aikin, hanyar da ba ta da shakka ita ce mutum ya yi liƙin ƙarshe da kansa. A Photoshop ko GIMP, a sa asali a ƙasa, sabon a sama, a rufe na saman duka, sannan a buɗe fuskar kakar kaɗai da buroshi mai taushi. Mai amfani da ImageMagick zai iya yi da layi ɗaya, in hotunan uku girmansu ɗaya:

```
magick asali.png sabo.png maski.png -composite gyararre.png
```

Sai awo, wanda shi ne shaida. A ɗora gyararren hoton a kan asali, a sauya yanayin fallen sama zuwa Difference. Duk inda hotunan biyu suka yi daidai zai zama baƙi ƙirin, inda suka bambanta ya yi haske. Da yake ƙaramin bambanci ba ya ganuwa da ido, a ɗora Levels a sama a ja hasken har ƙarshe. Abin da ake so a gani shi ne baƙin allo da tabo guda ɗaya a inda fuskar kakar take. In aka ga inuwar sauran fuskoki na leƙowa, ko zanen atamfa na ƙyalli, an taɓa su. Ana iya ƙirga bambancin ma:

```
magick compare -metric AE asali.png gyararre.png bambanci.png
```

Wannan zai faɗi yawan fiksel da suka canza, ya kuma fitar da hoton da ke nuna su da ja. Hoton namu yana da fiksel miliyan 12. Fuska mai siffar ƙwai, 200 da 260, tana cin kusan 41,000, in aka haɗa da malalar bakinta a ce ta kai 60,000, wato kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. In lambar da ta fito tana nan kusa, aikin ya tsaya inda aka ce ya tsaya. In ta fito miliyoyi, to ko dai dukan hoton ya ratsa injin, ko an adana shi da JPEG a wani mataki.

Wajen miƙa aikin ma akwai lura. In aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan matse shi, sau da yawa ta rage girmansa. A tura shi ta Document, ko a kai wa mai wankin hoto fayil ɗin kai tsaye. In dole sai JPEG, a fitar da shi sau ɗaya a ƙarshe, da inganci mafi girma, a ajiye na PNG.

Inda gyara ya kamata ya tsaya

Buɗe idon da ya ƙifta da idon mai shi na daƙiƙa ɗaya baya abu ne da iyali za su yi na'am da shi. Sanya wa mutum murmushin da bai yi ba, ko ƙara masa hasken fata, ko ɗora fuskar wanda bai halarci taron ba, wani abu ne daban, kuma da kayan aiki ɗaya ake yin duka. Mai fuskar shi ke da haƙƙin a tambaye shi. Hoton fasfo da katin shaida da hoton da za a kai kotu ba a yi musu wannan aiki ko kaɗan.

Haka hoton jarida. A watan Maris na 2024 fadar Kensington a Birtaniya ta fitar da hoton Gimbiya Catherine da 'ya'yanta uku. Cikin sa'o'i kamfanonin dillancin labarai irin su AP da Reuters da AFP suka janye shi, bayan an lura da wuraren da ba su haɗu ba, ciki har da bakin hannun rigar 'yarta Charlotte. Washegari gimbiyar ta ce takan gwada gyaran hoto wani lokaci, ta kuma nemi afuwa kan ruɗanin da hoton ya jawo. Hoton iyali ne, amma da ya shiga hannun 'yan jarida sai ƙa'idarsu ta hau kansa, kuma ƙa'idar ba ta yarda a sauya abin da kyamara ta gani ba.

Ga mai ɗakin hoto da ke karɓar irin wannan aiki, tsari mai kyau shi ne ya miƙa wa masu biki fayil biyu, na asali da gyararre, ya faɗa musu fuskar da ya taɓa da abin da ya yi mata. In wata daga cikin sauran ta zo tana cewa an canza mata hanci, sai ya buɗe mata hoton bambancin ta ga babu ja a inda take tsaye. Wanda kuma zai ɗauki hoton taro gobe, ya danna sau huɗu kafin ya sallami mutane, domin daga cikin huɗun nan ne za a sami idon gaske in an zo gyara.